Horon ma'aikata na awa uku: yadda za a raba lokaci a kuma tabbatar an gane

Rukayya A.
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara. An ɗora mini shirya horo ga ma'aikatan sitonmu su 24 a kan sabon tsarin karɓar kaya da sabon fom ɗin da za a riƙa cikewa. Awa uku aka ba ni, daga ƙarfe 9 zuwa 12. Ga abin da na tsara: jawabin manaja minti 15, bayanina da majigi minti 90 (shafi 46 ne), hutu minti 15, tattaunawar rukuni minti 30, tambaya da amsa minti 15, sai cike takardar jin ra'ayi minti 15. Damuwata ita ce bara an yi irin wannan, kowa ya ce ya gane, amma da aka koma bakin aiki sai fom ya riƙa zuwa ofis a cike da kurakurai. Me zan gyara?

Auwal
Wa alaikis salam. Anti, minti 90 ɗin nan ne matsalar. Hankalin mutum ba ya daɗewa a kan magana ɗaya. Kuma an ce mutum yana riƙe kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 20 na abin da ya ji, kashi 90 na abin da ya yi da hannunsa. Ki saka wasannin motsa jiki duk bayan minti ashirin, a miƙe a yi tafi, za ki ga sun wartsake.

Isiya
Ki tabbatar kin yi rajistar masu halarta, kowa ya sa hannu safe da kuma lokacin tashi. Kuma a buga takardar shaida a raba. In babu shaida mutane ba sa ɗaukar abin da muhimmanci.

Malam Sabo
Malama Rukayya, kafin mu taɓa agogo ina da tambaya ɗaya. Ranar da aka koma aiki, mota ta tsaya a ƙofar sito, me kike so hannun ma'aikacin ya yi wanda yanzu ba ya yi? Ki rubuta mini shi a layi biyu ko uku, kuma kada kalmar "fahimta" ko "sani" ta shiga ciki, domin ba a ganinsu da ido.

Auwal, ka yi gaskiya cewa minti 90 mutum ɗaya yana magana ya yi yawa. Amma waɗancan alƙaluman na kashi 10 da 20 da 90 sun daɗe suna yawo a tarukan bita, kuma waɗanda suka bi sawunsu ba su samo binciken da ya haife su ba. Kada ka ƙara kawo su gaban jama'a. Tafi da miƙewa kuma suna kore gyangyaɗi, ba sa koyar da cike fom. In za a canza abin da ake yi, a canza shi zuwa wani aiki da ya shafi fom ɗin.

Rukayya A.
Malam, ga su. Na ɗaya, ya ƙirga kayan da kansa kafin ya sa hannu a takardar direba. Na biyu, ya cike gidaje uku na sabon fom daidai: adadin da takarda ta ce, adadin da aka karɓa lafiya, da adadin da ya ɓace ko ya lalace. Na uku, in an sami giɓi ya sa direba ya sa hannu a kan giɓin, ya kuma sanar da shugaban sito kafin motar ta tashi.

Malam Sabo
Madalla. To yanzu ki koma kan shafukanki 46, duk wanda bai taimaka wa ɗaya daga cikin ukun nan ba ki cire shi. Tarihin kamfani, jadawalin shugabanni, manufofi, duk su tafi takardar da za a raba. Ina kyautata zaton ba za su wuce goma ba waɗanda za su rage.

Sannan ki fara rubuta aikin ƙarshe tun kafin ki rubuta bayani. Wato takarda ɗaya mai ɗauke da labarin wata mota da ta kawo kaya, da takardar direba, da fom wanda ba a cike ba. Kowa zai cike nasa shi kaɗai a ƙarshen zaman. In kin san abin da za su cike da ƙarfe 11 da kwata, kin san abin da ya wajaba ki koyar da ƙarfe 9 da rabi, kin kuma san abin da za ki iya bari.

Ga yadda ni zan raba awa ukun.

Minti goma na farko na buɗewa ne. Manaja ya sami biyar a ciki, ki gaya masa haka tun jiya, ki kuma roƙe shi ya faɗi abu ɗaya kawai: me ya sa aka canza fom. Daga 9:10 zuwa 9:25 ki raba wani fom da aka cike da kuskure huɗu, a zauna biyu-biyu a nemo su. Wannan zai nuna miki inda suke tun kafin ki buɗe baki, kuma wanda ya makara zai iya shiga ba tare da ya rasa bayani ba. Daga 9:25 zuwa 9:45 ki nuna aikin da kanki, da katan na gaske a kan tebur, kina ƙirgawa kina cikewa a babban fom da kowa yake gani, kina faɗin abin da kike tunani a kowane gida. Sai tambayar kati minti goma, zan yi bayaninta a ƙasa. Daga 9:55 zuwa 10:25 gwaji uku-uku. Hutu zuwa 10:45. Bayan hutu minti ashirin a kan lokutan da abu ya karkace, kaya sun gaza, ko sun jiƙe, ko direba ya ƙi sa hannu. Tambayar kati ta biyu zuwa 11:15. Aikin ƙarshe zuwa 11:35, gyara tare zuwa 11:45.

Kin ga minti 15 sun rage ba a ba su komai ba. Da gangan ne. Za a cinye su, ko kin so ko ba ki so ba.

Laraba
Malam, na ga ka cire tattaunawar rukuni gaba ɗaya. Ni a ganina nan ne mutane suke sakin jiki su faɗi abin da ke damunsu.

Malam Sabo
Malama Laraba, mu lissafa tare. Mutum 24, rukuni shida na mutum huɗu-huɗu. Tashi da jan kujeru da neman 'yan rukuni, minti biyar. Bayanin abin da za a yi, minti uku. In kowane rukuni zai gabatar na minti uku kacal, minti 18 ke nan, kuma ban taɓa ganin mai gabatarwar da ya tsaya a ukun ba. A cikin minti 30 ɗin Malama Rukayya, huɗu suka rage na tattaunawar kanta. Wannan shi ne wurin da jadawali ya fi karyewa: ana lissafa aikin, ba a lissafa shigarsa da fitarsa.

Kuma aikin nan na hannu ne. A rukunin mutum huɗu, wanda ya fi iya rubutu ne zai riƙe biro, sauran ukun su yi kallo, a tashi kina zaton huɗu sun iya alhali ɗaya ne.

Laraba
Lissafin na yarda da shi. Amma har yanzu ina ganin in ba a ba su wurin magana ba, za su tafi da ƙorafinsu a ciki. Sau da yawa ba rashin iyawa ke sa a ƙi bin sabon tsari ba, rashin yarda da shi ne.

Baba Ɗanladi
Ku bari in sa baki, ni aikin sito na yi har na ajiye. 'Yata Rukayya, maganar Laraba ki riƙe ta. Yaranki sun san a ƙirga kaya ake yi, ba yau suka fara ji ba. Abin da ke faruwa shi ne mota ta zo dab da tashi, direba yana tsaye a kanka yana cewa yana da wurare uku a gaba, kai kaɗai ne a ƙofa, katan ɗari biyu. Sai ka duba sama-sama ka sa hannu. In horonki bai taɓa wannan lokacin ba, to bai taɓa komai ba. A gwajin da za ku yi, wanda zai zama direba a gaya masa ya matsa sosai, ya ce shi kullum haka ake karɓar masa. A nan za ki ga wanda zai iya cewa "yi haƙuri, sai na gama ƙirgawa".

Malam Sabo
Baba, ka ba ni abin da ban sa ba, na gode. Malama Rukayya, ga yadda gwajin uku-uku yake, da gyaran Baba a ciki. Rukuni takwas. Ɗaya mai karɓa, ɗaya direba, ɗaya mai lura riƙe da ƙaramar takarda mai layi uku, wato abubuwa ukun nan da kika rubuta. Zagaye uku, kowanne minti bakwai: biyar na aiki, biyu mai lura ya faɗi abin da ya gani. Sai a juya, har kowa ya zama mai karɓa sau ɗaya. Kowane zagaye da takardar direba daban, don kada na uku ya kwafi amsar na farko. Ba sai kin nemo katan ɗari ba, akwatunan ashana ko katunan da aka rubuta wa lamba sun isa, wasu da alamar ja ta lalacewa.

Ki yi bayanin aikin suna zaune, kafin ki raba takardu, kafin ki ce a tashi. Da zarar takarda ta shiga hannu ko kujera ta motsa, ba mai jinki. Ki kuma sa mutum ɗaya ya maimaita abin da za a yi da bakinsa. Lokaci kuwa ki ba wani ya riƙe miki, ya riƙa ɗaga hannu in saura minti ɗaya, ke ki zagaya kina duba fom.

Malama Laraba, a minti ashirin na bayan hutu ake jin ƙorafin. A tambaye su kai tsaye: wane lokaci ne wannan tsarin zai yi muku wuya? A rubuta a allo, abin da ke da amsa a amsa, wanda ba shi da ita a kai wa manaja a rubuce.

Rukayya A.
Na gode Baba, na gode Malam. Saura tambayar katin. Ni dai abin da na saba shi ne in ce "kun gane?" ko "akwai tambaya?"

Hajiya Binta
Ƙanwata, wannan tambayar ba za ta taɓa gaya miki gaskiya ba. Ni ma'aikatan jinya nake horarwa. Akwai wata babba a cikinmu, ta girme ni a aiki, muka yi zama a kan sabuwar takardar rubuta magani. Na tambaya ko an gane, ita ce ta fara gyaɗa kai. Washegari na tarar da ita a kusurwa tana tambayar wata ƙarama a ɓoye. Ba za ta ɗaga hannu gaban yaran da ta koya wa aiki ta ce ba ta gane ba, kuma ban ga laifinta ba. Tun daga nan nake cewa, "Ina so in tabbatar na yi bayanin yadda ya kamata, nuna mini yadda za ki cike wannan." Nauyin ya dawo kaina, ita kuma ta nuna ba tare da jin an tsare ta ba.

Malam Sabo
Hajiya ta faɗi tushen abin. Katin hanya ce ta yin haka da mutum 24 a lokaci guda. Kowa yana da kati huɗu, A, B, C, D. Ki sa tambaya a allo, ki ba da minti ɗaya shiru, ki ƙirga uku, kowa ya ɗaga a tare yana fuskantarki. A tare ɗin nan shi ne sharaɗi, in ba haka ba za a jira a ga abin da shugaban sito ya ɗaga.

Ƙarfin abin yana cikin amsoshin da ba daidai ba. Ga misali daga fom ɗinki. Takardar direba ta ce katan 50. An ƙirga an sami 48. A cikin 48 ɗin, biyu sun jiƙe sun lalace. Me za a rubuta a gidan "an karɓa lafiya"? A, 50. B, 48. C, 46. D, ba za a rubuta komai ba, a mayar da motar.

Amsar C ce. Amma dubi abin da sauran suke gaya miki. Wanda ya ɗaga A har yanzu takardar direba yake kwafewa. Wanda ya ɗaga B yana ƙirgawa, sai dai bai raba abin da ya iso da abin da ya iso lafiya ba. Wanda ya ɗaga D yana zaton duk giɓi korar mota ne. Kowane ɗaya gyaransa daban, kuma cikin daƙiƙa biyar kin ga yawan kowanne.

Abin da za ki yi bayan nan ki yanke shi tun a gida. Ni ƙa'idata, in ashirin ko fiye sun ɗaga C, in faɗi dalili a jimla biyu in wuce, sauran in same su lokacin gwaji. In an rabu kusan biyu, ba na faɗin amsa. Sai in ce kowa ya nemi wanda katinsa ya bambanta da nasa, ya gamsar da shi cikin minti biyu, a sake ɗagawa. Wannan dabarar Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, shi ya yaɗa ta tun farkon shekarun 1990, kuma tana aiki domin wanda ya gane yanzu-yanzu yana tuna inda ya maƙale fiye da mai koyarwa. In kuwa masu C ba su kai takwas ba, tattaunawa kuskure za ta yaɗa. Ki koma kan katan ɗin da ke tebur ki sake nunawa ta wata hanya. Minti 15 ɗin da muka ajiye na irin wannan ne.

Auwal
Malam, ai tambayar baki ta fi sauri. Ka nuna mutum ka ce ya amsa, shi ke nan.

Malam Sabo
Ta fi sauri, amma labarin mutum ɗaya ta ba ka, ka bar 23. In za ka yi ta, ka faɗi tambayar kafin ka kira suna, ka kuma jira. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta auna wannan a azuzuwa a farkon shekarun 1970, ta tarar malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira bayan tambaya. Da aka tsawaita zuwa uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, masu amsawa suka ƙaru. Yara ta auna, amma na ga haka a manya.

Laraba
Ina da ja a kan aikin ƙarshe. In aka sa suna a takarda, ya zama jarrabawa, kuma mutane za su ji tsoron a kai wa manaja. Ni na fi son a cike ba suna.

Malam Sabo
In ba suna, na san mutum biyar ba su iya ba amma ban san su waye ba. Gobe ɗayansu ne zai tsaya a ƙofar sito. Yaya zan taimake shi?

Laraba
Ka sake wa kowa bayanin.

Malam Sabo
In ɓata lokacin goma sha tara saboda biyar?

Hajiya Binta
Ni suna nake sawa, amma ina faɗa tun farko cewa takardun a hannuna za su tsaya, shugaba adadi kawai zai ji. Sai dai wannan alkawarin sai wanda ya tabbata zai iya cika shi. Rukayya, in kin san manajanku zai ce ki kawo takardun kuma ba ki da ikon hanawa, kada ki yi alkawarin.

Laraba
To nan ne maganar take, Hajiya. Yawancin masu shirya horo ƙananan ma'aikata ne, ba su da wannan ikon. Ni ban sauka daga ra'ayina ba.

Isiya
To takardar jin ra'ayin fa? Ita ma ai gwaji ce.

Malam Sabo
Tana gaya maka ko sun ji daɗin zaman, Malam Isiya. Donald Kirkpatrick ya raba auna horo hawa huɗu tun 1959: yadda mahalarta suka ji, abin da suka koya, ko aikinsu ya canza, da abin da wurin aiki ya samu. Takardar ra'ayi hawa na farko ce kawai. A bar ta, amma tambaya uku sun isa, minti uku. Aikin ƙarshe shi ne hawa na biyu. Na uku kuma ba a ɗakin horo yake ba. Malama Rukayya, tun yanzu ki zaro fom ashirin na makon da ya wuce ki ƙirga waɗanda aka sa hannu ba tare da alamar an ƙirga kaya ba. Bayan mako biyu da horon ki sake zaro ashirin. In sun ci aikin ƙarshe amma fom na gaske bai gyaru ba, kada ki sake kiran horo. Ki je ƙofar sito ki tsaya lokacin da Baba ya ambata.

Rukayya A.
Salam. Na dawo da labari, an yi jiya. Mutum 21 suka zo, uku suna aikin dare. A tambayar katan 50, tara suka ɗaga C, goma B, biyu A. Na sa su tattauna, da aka sake ɗagawa C ta zama 18. Gwajin uku-uku ya ci minti 40 a maimakon 30, domin masu zama direba sun matsa da gaske kamar yadda Baba ya ce, har wani ya sa hannu bai ƙirga ba, mai lura ya tsayar da shi. Hutu ma ya zarce da biyar, don haka rarar ta ƙare tas, na rage bayanin bayan hutu kaɗan. Aikin ƙarshe na sa suna, bayan manaja ya amince adadi kawai zai gani. Goma sha bakwai sun cike daidai, huɗu sun bar wurin sa hannun direba a kan giɓi.

Abin da ya fito a allo shi ne wurin sa hannun nan yana bayan fom, ba a ganinsa sai an juya takarda. Na kai wa manaja. Yanzu tambayata ita ce ukun nan na dare, ba za a sake ba ni awa uku ba.

Baba Ɗanladi
Wurin sa hannun a dawo da shi gaba, 'yata. In ba a iya sake bugawa yanzu ba, a buga hatimi a ƙasan shafin farko da ke cewa a juya.

Malam Sabo
Na dare ba sa buƙatar awa uku. Awa ɗaya a canjin aiki ta isa, su uku rukuni ɗaya ne cif. Ki nuna minti goma, su yi zagaye ukun, su cike aikin ƙarshe. Ki gayyato huɗun da suka bar sa hannun direba su zo su zama direbobi da masu lura a wannan zaman, in jadawalin aikinsu ya ba da dama. Kuma ki rubuta ranar zaro fom ashirin ɗin a kalanda yau, kafin wani aikin ya danne ta.

Laraba
Huɗun nan kowa zai gane dalilin da ya sa aka kira su, Malam. Rukayya, ki haɗa da mutum biyu daga waɗanda suka cike daidai.